Saƙon da Gareji Ya Riga Maikunne Ji

Shekara ashirin da bakwai ana kiransa Maikunne, har akwai direbobin da suka tsufa a hannunsa ba su san sunansa na yanka ba. Idan aka kawo mota garejinsa ba ya hanzarin ɗaukar sifana. A tayar da inji, ya ɗora tsinin dogon sukundireba a jikin ƙarfe, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren sirri. Can sai ya ɗago ya ce, "Bawul ne," ko "Boris ne, na baya." A kwance inji, a tarar da abin yadda ya faɗa. Mutumin ya iya aiki, ba a ƙwace masa wannan. Sai dai ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

To kunnen nan ne ya fara yi masa gardama. Ba dare ɗaya ba, a hankali. Ƙara mai kauri yana jin ta sarai, amma siririya, irin fito ko tsuwar ƙarfe, ta daina isa gare shi. A gida sai ya ce mutane sun koyi magana ciki-ciki. A gareji kuwa ya ƙware da gyaɗa kai. Ko me aka faɗa masa, in bai kama ba, sai ya ce, "To, madalla," ya wuce abinsa.

Mako uku da suka wuce aka kawo motar ɗaukar 'yan makaranta. Dogo, babban makanikensa, mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu a ƙarƙashinsa har furfura ta fara fito masa a gemu, ya tsaya gaban injin ya ce yana jin wani siririn fito daga wajen famfon ruwa, kamar boris ɗinsa ya fara ci. Maikunne ya ɗora sukundireba, ya lumshe ido, bai ji komai ba. Da ya ce bai ji ba, da shi ke nan. Amma direba na tsaye yana kallonsa, sai ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Fambel ne ya saki, ɗaure shi." Dogo ya ɗaure. Bayan kwana uku famfon ya cije a kan hanya, inji ya yi zafi, gasket ya ƙone, aka jawo motar da igiya. A gaban direba, a gaban mai makarantar, a gaban duk ma'aikata, Maikunne ya wanke Dogo tas. Ya ce shi ya ɗaure fambel fiye da kima har ya kashe boris. Ya ce shekara goma sha huɗu a banza, hannu kamar na mai faskare. Dogo ya sunkuya ya ci gaba da kwance kan injin.

Abin bai bar Maikunne ya sake ba. Mutum ɗaya ya iya gaya wa gaskiya, babbar 'yarsa mai aikin jinya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita ta lallaɓa shi ta kai shi gwajin ji a asibitin da take aiki, ranar hutu, ya sa hula ya ja ta har gira kamar wanda zai je sata. Aka ce sakamako sai likita ya duba.

Ranar Talata da hantsi, gareji cike, wayarsa ta yi motsi a aljihu. Saƙon murya ne daga Uwata, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ya san maganar sakamakon ce. Daga wayar tasa ake kama rediyo kullum, sauti yana fita ta wata baƙar lasifika marar igiya mai bulutut da ke rataye a ginshiƙin tsakiyar rumfa, kowa na aiki yana jin labarai. Ya tsayar da rediyon. Mai fenti ya ɗago daga bayan wata mota ya ce, "Haba Maigida, ana tsakiyar labarin ƙwallo!" Bai kula shi ba. Ya shige ofis ya turo ƙofa.

Ofishin ɗan ɗaki ne na katako a kusurwar rumfar, taku bakwai ko takwas daga ginshiƙin. Tebur ɗaya, kujera ɗaya mai yagaggen soso, kwalayen fulogi a jere a kan kanta, da fanka mai ƙugi kamar za ta tashi sama. Ya zauna. Ya ciro 'yar akwatin iyafis daga aljihun gaba, irin masu robar nan da ke toshe kunne ruf, ya cusa ɗaya dama ɗaya hagu. Muryar matar da ke cikin iyafis ɗin ta sanar da shi cewa ya haɗu da waya. A saman allon ma ga alamar haɗuwar ta fito. Kullum da su yake amsa kira in hannunsa na cikin inji, ba su taɓa ba shi kunya ba. Ya yi bisimilla ya danna saƙon.

Wani gunaguni ya ji, can nesa, kamar ana magana a maƙwabta. Muryar Uwata ce, ya gane ta, amma kalma ɗaya bai kama ba. Ya ce a ransa yarinyar nan a wajen aiki take, raɗa ta yi. Ya bari saƙon ya ƙare, ya danna maɓallin gefen waya ya ƙara murya, ya sake kunnawa. Gunagunin ya ɗan ƙaru. Ya tsinci "Baba", ya tsinci "likita", sauran duk ruwa. A nan ne tsoro ya kama shi na gaske. Ya ce shi ke nan, kunnen ya ida mutuwa, yau ko abin da aka cusa masa a ciki ba ya ji. Ya danna maɓallin nan ya riƙe har layin ya kai ƙarshe, ya ƙara tura robar cikin kunne da yatsa, ya kunna karo na uku.

Robar ta hagu ce ta yi masa ƙaiƙayi. Ya zare ta don ya sosa, sai muryar 'yarsa ta daki kunnensa tangaran, da ƙarfi kamar mai shela. Ba daga iyafis take fitowa ba. Daga waje take shigowa, ta ƙasan ƙofa da tsagar katako.

"…likita ya ce kunnen dama ya fi lalacewa, Baba, na hagu ma ya bi sahu. Ƙarar injina ce ta shekara da shekaru, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa, sai dai a sa maka na'urar ji."

Ya zabura zai kashe. Yatsunsa da baƙin mai, ya dangwala allon bai amsa ba, ya sake dangwalawa wayar ta suɓuce ta faɗa bayan tebur, tsakanin bango da kwalin tsofaffin takardu. Ya durƙusa, babban mutum da shi, yana laluben ƙasa da hannu, Uwata kuwa tana ta bayani a tsakiyar gareji hankalinta kwance.

"Kuma Baba, don Allah kar ka yi fushi da ni. Maganar Kawu Dogo ta tsaya mini a rai. Kai da bakinka ka ce mini ya gaya maka yana jin ƙarar, kai ne ba ka ji ba. Mutumin nan ya goya ni ina ƙarama. Ka kira shi ka ba shi haƙuri, ko ku biyu ne. Ciwo ba abin kunya ba ne. Sai na zo da yamma."

Saƙon ya ƙare don kansa. Sai a lokacin hannunsa ya kai ga wayar.

Ya daɗe a durƙushe. Garejin da ba ya rabuwa da bugun guduma ya yi tsit, ko tari babu. Ya lissafa a ransa: sau uku. Na farko a hankali, na biyu da ɗan ƙarfi, na uku kuwa shi da hannunsa ya ƙure murya don kada wani ya ce bai ji da kyau ba. Ya tuna waɗanda ke waje. Dogo, Mai fenti, Mai walda, Mai wayarin, ga direbobi uku a kan benci suna jiran motocinsu, ɗayansu ma mai surutu ne wanda labari ba ya kwana a bakinsa. Gumi ya karyo masa duk da fankar. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke jin ta har a tafin ƙafa, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige ya ja ta ya rufe.

Aka ƙwanƙwasa. Mai wayarin ne ya leƙo, mai gyaran lantarkin mota, ɗan gajere mai tabarau ɗaure da zare. Sa'an Maikunne ne kusan, tare suka yi koyon aiki, don haka shi kaɗai ke iya shigowa ofis ba a kira shi ba. Ya shigo ya mayar da ƙofa.

Mai jin kunya ba ya rasa wanda zai huce a kansa. Maikunne ya miƙe ya wurga iyafis ɗin a tebur.

"Ka ga kayan banzan da ka sa na saya? Ya ce mini ya haɗu! Da kunnena na ji ya ce ya haɗu!"

"Ai bai yi ƙarya ba," in ji Mai wayarin. "Ya haɗu."

"Ya haɗu, magana ta fita a ginshiƙi? Kai dai ka taɓa mini waya."

"Na taɓa. Kai ka ba ni ka ce in taɓa." Ya miƙa hannu. "Kawo ka gani."

Ya goge allon da gefen rigarsa, ya shiga saitin bulutut. Sunaye biyu ne a jere, na iyafis da na lasifikar rumfa, kowanne an rubuta ya haɗu. Ya taɓa 'yar alamar da ke gefen sunan iyafis, wani shafi ya buɗe da makunnai biyu, ɗaya a kunne ɗaya a kashe.

"Ka ga wannan na sama, na kira ne. Wannan na ƙasa na sauran sauti ne, rediyo, waƙa, bidiyo. Haɗuwa daban, inda sauti zai bi daban. Kamar batir ne a mota, guda ɗaya ne, amma layin hon daban layin fitila daban. Don ka ga fitila ta kama ba shi ne hon zai yi ƙara ba. Ka tuna satin da ka sayo shi? Da ka cusa shi a kunne sai rediyo ya ɗauke daga ginshiƙi ya koma kunnenka, don waya takan tura sauti ga wanda ya haɗu a ƙarshe. Mutane suka yi ta ƙorafi. Ka ce in yi dabara kira ya riƙa zuwa kunnenka, rediyo ya tsaya a waje. Na kashe maka wannan na ƙasa. Wata biyar ke nan."

"To ai ba rediyo na kunna ba. Uwata ce take mini magana."

"A wajenka magana ce. A wajen waya ba kira ba ne, abu ne da aka ɗauka aka ajiye, kamar waƙa. Layin waƙa ya bi. Da kiranka ta yi, da babu wanda ya ji sai kai."

Maikunne ya dubi allon. Can ya ce, murya ta ragu, "Da na kashe lasifikar ginshiƙin fa?"

Mai wayarin ya ajiye wayar a kan tebur. Ya cire haɗin lasifikar rumfa daga wayar, ya kunna rediyo. Mai labarin ƙwallo ya ɓarke da ihu daga ɗan ramin lasifikar wayar kanta, a nan kan tebur, iyafis kuwa na haɗe ba su ce komai ba.

"Ka gani? In ta duba ba ta ga wanda zai karɓi wannan layin ba, sai ta fitar da bakinta. Da a ofis kaɗai za a ji, shi ne bambancin." Ya taɓa makunnin ƙasa ya kunna shi. Ihun ya ɗauke ɗif daga tebur, ya koma wani ɗan tsiririn sauti a cikin robobin da ke kwance gefen kwalin fulogi. "Shi ke nan gyaran. Taɓawa ɗaya."

Taɓawa ɗaya. Maikunne ya zauna a kujerarsa yana kallon makunnin. Ya so a ce abin ya lalace ne, ya so a ce na jabu aka sayar masa, ko wani ya yi masa mugunta, don ya samu inda zai sauke abin da ke cinsa. Babu. Wayar ta yi daidai abin da ya ce a gaya mata ta yi.

"Kowa ya ji?" ya tambaya, alhali ya san amsa.

"Har mai faci na tsallaken titi ya ɗago kai."

"Me ya hana ku kashe lasifikar? Kuna tsaye kamar gumaka!"

Mai wayarin ya cire tabarau ya murza ido. "Karo na farko ba mu ankara ba sai da ya yi nisa. Na biyu Mai walda ya tafi zai kashe, ka san a sama take, sai an taka benci. Direbobin na zaune a kan bencin. Kafin a ce su tashi ka sake kunnawa." Ya mayar da tabarau. "Maganar kunne kuma, kar ta dame ka da yawa. Mun fi shekara da sani."

"Kun sani?"

"Haba Maikunne. Ranar nan na ce maka matata na asibiti, ka ce mini to madalla."

Wannan ta fi saƙon zafi. Shekara guda yana gyaɗa kai yana ganin ya iya ɓoyo, ashe kallonsa kawai suke yi suna rufa masa asiri. Ya tuna yadda Dogo ke yawan tsayawa kusa da shi idan yana sauraren inji, yana cewa, "Maigida, kamar wajen bawul kake nufi ko?" shi kuma ya ce, "Ai shi zan faɗa." Ashe miƙo masa ake yi yana karɓa. Kuma mutumin da ke miƙo masa ɗin shi ya tsayar a gaban jama'a ya kira hannunsa na mai faskare.

"Kira mini Dogo," ya ce.

Mai wayarin ya fita. Aka ɗan jima kafin Dogo ya shigo, sai da ya sunkuyar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta. Yana goge hannu da tsumma, yana ta gogewa ko da babu sauran abin gogewa. Bai zauna ba, babu ma inda zai zauna. Bai kalli Maikunne ba.

Maikunne ya yi gyaran murya sau biyu. Bai saba ba, kalmomin suka yi ta maƙale masa.

"Ka ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na ji, Maigida."

"Gaskiya ta faɗa. Ka gaya mini kana jin ƙarar, ni ne ban ji ba. Fambel ɗinka daidai ka ɗaure shi, na duba daga baya. Na zalunce ka, Dogo. Ka yafe mini."

Dogo ya ninke tsumman biyu, ya sake ninke shi huɗu. Ya yi magana kansa a ƙasa, leɓɓansa na motsi cikin gemu, fanka na ƙugi a tsakaninsu. Maikunne bai kama ko kalma ɗaya ba. Ya ji kansa ya fara gyaɗawa da kansa, "to madalla" ta taho har bakin haƙoransa. Ya danne ta. Ya miƙa hannu ya kashe fankar.

"Ban ji ba," ya ce. Tun da abin ya same shi bai taɓa faɗar haka ga wani a garejin nan ba. "Ɗaga murya. Ka dube ni in kana magana."

Dogo ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Na ce na yafe, Maigida, tun ranar. Kai ka koya mini aiki, ba zan riƙe ka ba. Amma tun daga ranar, in direba ya kawo mota sai ya ce kar a ba Dogo. Jiya ma wani ya faɗa, ina tsaye. Ɗana yana makarantar nan, a cikin motar nan yake zuwa, yara suna ce masa ubansa ne ya ƙona ta." Ya nuna ƙofa. "A waje ka faɗi waccan. Wannan kuma ka faɗe ta a ɗaki, ƙofa a rufe."

"Ai sun riga sun ji. Sau uku."

"Daga bakin 'yarka suka ji."

Dogo ya juya. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar ta a buɗe.

Daga inda yake zaune Maikunne yana hango rumfar gaba ɗaya. Mai fenti na ta shafa wuri ɗaya da ya riga ya bushe. Mai walda ya rufe fuska da gilashinsa alhali bai kunna wuta ba. Direbobi uku a kan benci kowa ya duƙufa a kan wayarsa, har mai surutun, kuma babu wanda yatsansa ke motsi. Duk suna yi masa kara, karar kuwa ta fi zagi nauyi. Ya san in ya zauna a nan har yamma babu mai cewa komai, gobe a kunna rediyo, a ci gaba da miƙo masa amsa yana karɓa, direbobi su ci gaba da cewa kar a ba Dogo.

Ya dafa tebur ya tashi. Ya taka har gindin ginshiƙin, ya tsaya a inda ya tsaya mako uku da suka wuce. Ya dubi direban nan mai surutu, ya ce masa ya ajiye waya ya saurara da kyau, tunda shi zai kai labarin tasha. Sannan ya ce da Mai wayarin ya kira masa mai makarantar nan, ya sa kiran a lasifikar waya yadda kowa zai ji.

Wayar ta yi ta ringin a tafin hannun Mai wayarin. Aka ɗauka, wata murya ta yi sallama.

"Ya ɗauka?" in ji Maikunne.

"Ya ɗauka. Yana jin ka."

"Ranka ya daɗe, mai garejin nan ne da aka gyara motarku," ya ce, ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata. "Maganar injin da ya ƙone ce. Ƙarya na yi wa makanikena."